Turanci, Faransanci ko Larabci: wanne za ka ba shekarunka biyu masu zuwa?

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata ya san layin nan da ke ƙasan takardar neman aiki, inda mutum zai jera harsuna uku ko huɗu, ya rubuta cewa yana jin wannan sosai, wancan kuma kaɗan-kaɗan. Masu tantancewa ba sa ko tsayawa a kan “kaɗan-kaɗan” ɗin. Ba raini ba ne. Abin da suke son sani shi ne ko za a iya tura ka taro kai kaɗai da harshen, ka saurari gardama, ka kare matsayin ofis, ka dawo ka rubuta rahoton da ba sai wani ya bi bayanka da jan biro ba. Idan harshen bai kai ka nan ba, a ma'aunin albashi kusan daidai yake da babu. Saboda haka tambayar “wane harshe ya fi amfani” tana da wata a cikinta wadda ta fi ta nauyi: a cikin ukun nan, wanne za ka iya kaiwa matakin aiki da lokacin da kake da shi, kuma sana'arka a ina take cin kasuwa?

Akwai ma'aunin da ya sauƙaƙa wannan magana, wanda ƙungiyar Council of Europe ta fitar a 2001, ana kiransa CEFR. Ya kasa iya harshe gida shida: A1, A2, B1, B2, C1, C2. Mai A2 zai gaisa, ya tambayi hanya, ya yi ciniki. Mai B1 zai yi hira a kan abin da ya saba da shi, amma da mutum uku sun fara magana a tare sai zaren ya kuɓuce masa. A B2 ne mutum yake fara bin taro yana ba da amsa ba tare da ya gajiyar da abokan zama ba. C1 kuwa shi ne inda za a ba ka takarda mai sarƙaƙiya, kwantiragi ko rahoton bincike, ka karanta ka gane abin da aka faɗa da abin da aka ƙi faɗa, ka mayar da amsa da irin lafazin da ya dace. Kuɗi yana fara shigowa ne daga B2. Duk abin da ke ƙasa da haka yana da daɗi a zumunci, yana kuma sa a yi maka murmushi a filin jirgi, amma ba ya canja matsayinka a ofis.

Turanci shi ne mafi sauƙin yanke hukunci a kansa, kuma shi ne aka fi yin kuskure a kansa. Yawancin mujallun kimiyya da likitanci da shi ake buga su. Bayanan manhajoji da harsunan rubuta su, da shi suke fara fitowa. A harkar jiragen sama, hukumar ICAO ta wajabta wa matuƙa da masu kula da zirga-zirgar jirage na ƙasa da ƙasa su kai mataki na 4 a cikin matakai shida na Turancin aiki, kuma wanda ya tsaya a na 4 sai ya riƙa komawa ana sake gwada shi. Amma da yake kowa ya san haka, kowa ya koya. Abin da kowa yake da shi ba ya ɗaga farashin kowa. Rashinsa ne kawai yake karya farashi. Turanci kamar takardar shiga ne: ba a yaba maka don ka zo da ita, amma ba ka wuce ƙofa idan babu.

Kuskuren shi ne mutum ya ɗauka ya gama da Turanci saboda da shi ya yi karatu tun daga firamare. Da yawa daga cikin masu digiri bakinsu yana B2 ko sama, alƙalaminsu kuwa yana B1. Ana gane haka da sun zauna jarrabawar IELTS, wadda ake ba da maki daga 0 zuwa 9 a sassa huɗu, wato sauraro da karatu da rubutu da magana. Sashen rubutu minti 60 ne, aiki biyu, ɗaya aƙalla kalmomi 150, ɗayan aƙalla 250, kuma nan ne mutanen da ke zuba Turanci kamar ruwa suke maƙalewa a 6. Hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, alal misali, tana neman 7 a karatu da sauraro da magana, da 6.5 a rubutu. Nas ɗin da ta samu 8 a magana amma 6 a rubutu ba ta cika sharaɗi ba. A irin wannan hali, rabin maki ɗaya na rubutun Turanci ya fi mata sabon harshe guda amfani, nesa ba kusa ba.

Shi ya sa nake ganin kafin mutum ya yi rajistar ajin Faransanci ko Larabci, ya fara gwada kansa da gaske. Ya ɗauki rahoto mai shafi goma a fanninsa, ya taƙaita shi a shafi ɗaya cikin awa guda ba tare da ƙamus ba, ya ba wanda ya fi shi kuma ba ya jin kunyarsa. Idan takardar ta dawo da gyara a kowane layi, to an samu amsa, kuma ba sabon harshe ba ce.

Idan Turancin ya zauna, sai a zo ga zaɓin da ya fi wuya. A nan ne ake buƙatar lissafin sa'o'i, domin harshe da lokaci ake sayensa kafin kuɗi. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka, FSI, ta daɗe tana fitar da ƙiyasin lokacin da ɗalibanta masu jin Turanci ke ɗauka kafin su kai matakin aiki. Faransanci yana rukunin farko, wajen sa'o'in aji 600 zuwa 750, shi kansa makonni 30 ake ba shi. Larabci yana rukunin ƙarshe tare da Sinanci da Japananci da Koriyanci: makonni 88, kimanin sa'o'i 2,200. Kusan ninki uku ke nan. Kuma a tuna waɗannan mutane ne da aka tantance, ba su da wani aiki sai karatun, ajinsu ƙanana ne, ga aikin gida a kan sa'o'in ajin. Dalilin tazarar ba ɓoyayye ba ne. Turanci ya ari ɗimbin kalmominsa daga Faransanci da Latin, musamman na shari'a da mulki da kasuwanci, don haka mai Turanci yana buɗe jaridar Faransanci zai ga fuskokin da ya sani. Larabci kuwa sabon rubutu ne, ba a sa wasali a yawancin abin da ake bugawa, ga tsarin saiwar kalma da jam'in da ba ya bin ƙa'ida ɗaya.

Sai dai wannan ƙiyasi na wanda bai taɓa ganin alif ba ne. Wanda ya taso yana karanta haruffan Larabci, ya ɗan taɓa nahawu da sarfu, kuma harshensa na gida cike yake da kalmomi irin su alƙali da hukunci da shari'a da daraja da lissafi, ya riga ya ci wani yanki na tafiyar. Zan dawo kan wannan, domin akwai tarko a ciki.

Ƙarfin Faransanci yana cikin hukumomi. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da harsunan hukuma shida, wato Turanci, Faransanci, Larabci, Sifaniyanci, Rashanci da Sinanci, amma harsunan aikin sakatariyarta biyu ne kacal, Turanci da Faransanci. Kotun Duniya da ke Hague da su biyun take shari'a. Bankin Raya Afirka mai hedikwata a Abidjan da su yake aiki. Ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta ƙiyasta masu jin harshen da miliyan 321 a rahotonta na 2022, kuma mafi yawan masu amfani da shi yau da kullum a Afirka suke. Ga lauya ko akanta akwai wani abu ƙari: ƙasashe 17 suna bin dokokin kasuwanci iri ɗaya a ƙarƙashin OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar 1993, kuma dokokin da tsarin lissafin kuɗinta da hukunce-hukuncen kotunta da Faransanci aka fi rubuta su da karanta su. Mutum ɗaya da ya iya Turancin aiki da Faransancin aiki, kuma ya san lissafi ko shari'a, yana iya tsayawa tsakanin kasuwanni biyu da suke maƙwabtaka amma ba sa jin juna. Irin wannan mutum ba shi da yawa, kuma ƙarancin ne ake biya.

Faransanci yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba, wato ana iya tabbatar da shi da takarda. Jarrabawar DELF ta ma'aikatar ilimin Faransa tana da matakai daga A1 zuwa B2, DALF kuma C1 da C2, kuma shaidarsu ba ta ƙarewa har abada, saɓanin sakamakon IELTS da yawanci shekara biyu ake karɓarsa. DELF B2 maki 100 ne, 25 ga kowane sashe, ana cin ta da 50, amma wanda ya kasa samun 5 a sashe guda ya faɗi ko da sauran sun yi kyau. Ga masu tunanin ƙaura kuma, tsarin Express Entry na Kanada yana ƙara maki har 50 ga wanda ya kai mataki na 7 a Faransanci a ma'auninsu kuma yana da Turanci daidai gwargwado, sannan tun 2023 suna ware zagayen gayyata na musamman ga masu Faransanci. A kula, su ba DELF suke karɓa ba, sai TEF Canada ko TCF Canada. Mutane sun sha biyan kuɗin jarrabawar da ba ita ake nema ba, don haka a fara duba sunan wadda hukumar ta ambata kafin a biya ko sisi.

Inda Faransanci yake ba da wahala shi ne kunne. Rubutunsa da furucinsa sun yi hannun riga: ana haɗiye ƙarshen kalmomi, ana liƙa wata da wata, har jimlar da ka karanta ba matsala ta zame maka guguwa idan aka faɗe ta da sauri a waya. Alamar cewa karatunka ya karkace ita ce kana karanta jarida lafiya amma labaran rediyo na minti biyar suna wuce ka. Iyakarsa kuma ita ce, a fannin manhaja ko binciken kimiyya, injiniyan Faransa ma da Turanci zai rubuto maka. Mai wannan sana'a ba zai ga ribar Faransanci sosai ba sai in can zai zauna.

Larabci ya fi su duka buƙatar a zauna a yi masa kallon tsanaki, domin sunan ɗaya ne amma kayan uku ne. Akwai Larabcin littattafan addini da adabin da. Akwai fusha ta zamani, wadda ake karanta labarai da rubuta dokoki da wasiƙun hukuma da ita. Akwai kuma karin harshen da mutane ke magana da shi a gida da ofis da asibiti, na Masar daban, na Sham daban, na yankin Gulf daban, na Maroko kuwa har sauran Larabawa yana ba su wahala. Nahawun na farko da na biyu kusan ɗaya ne, kalmomin ne suka bambanta. Na uku kuwa wata duniya ce.

Tarkon da na ambata ke nan. Mutum ya yi shekaru yana karatun fiƙihu, zai iya warware i'irabin baiti, sai ya rubuta a takardarsa cewa ya ƙware a Larabci. Ranar gwaji aka miƙa masa sanarwar babban banki a kan hauhawar farashi da kuɗin ruwa da giɓin kasafi, ya ga ya san kowace saiwa amma bai san abin da kalmar take nufi a nan ba. Aka kunna masa muryar wata mata tana bayyana ciwon ɗanta da karin Sudan ko na Siriya, ya kama kalma ɗaya cikin uku. Wannan ba gazawa ba ce, karatun da ya yi ba domin wannan aka tsara shi ba. Abin daɗin shi ne giɓin nasa ya fi na kowa sauƙin cikewa, tunda ginshiƙin da ke cinye wa wasu shekaru yana hannunsa. Abin da ya rage masa shi ne kalmomin zamani na fanninsa, da karin harshe ɗaya tak, na wurin da yake nufin yin aiki. Ga irin wannan mutum, barin Larabci a koma Faransanci daga A1 kamar barin gini ne a linta a je a haƙa sabon tushe.

A ina Larabcin yake biya? Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa tana da mambobi 22, harshen kuma ya shiga jerin harsunan Majalisar Ɗinkin Duniya a 1973. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda da Larabci yake hukuma, yana aiki kuma da Turanci da Faransanci. Harkar bankin Musulunci tana buƙatar wanda zai karanta ƙa'idojin shari'a na AAOIFI, hukumar tsara ƙa'idojin wannan harka mai hedikwata a Bahrain, da fatawoyin kwamitoci a asalinsu, ya kuma zauna da masu lissafi ya bayyana musu da Turanci. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Sudan da Yaman da Siriya kullum suna neman mai jin karin harshen wurin. Amma kada a ruɗe da yankin Gulf. A Dubai ko Doha, kamfanoni masu zaman kansu cike suke da baƙi daga Indiya da Filifin da Turai, kuma Turanci ne harshen ofis da na asibiti. Injiniya zai yi shekara goma a can bai buƙaci Larabci a wurin aiki ba. Inda Larabcin yake zama dole shi ne hulɗa da gwamnati da kotu da kwantiragi; a dokar ƙwadagon Saudiyya, idan aka rubuta kwantiragi da harshe biyu, nassin Larabci ne abin dogaro. A Maroko da Tunisiya da Aljeriya kuwa, Faransanci yana nan daram a banki da kamfani da fannin likitanci, har wanda ya je da fusha kaɗai zai ga ana mayar masa da amsa da Faransanci. Wata matsalar ita ce Larabci ba shi da jarrabawa guda ɗaya da duk duniya ta amince da ita kamar DELF ko IELTS, don haka yawanci a ɗakin ganawa ake gwada ka, baki da baki.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi da lissafi. A ce akanta ce mai shekara 28, tana aiki cikakken lokaci, Turancinta na magana yana B2, tana iya karanta haruffan Larabci amma ba ta jin ma'ana, Faransanci kuwa ko gaisuwa ba ta sani ba. Abin da za ta iya warewa tsakani da Allah awa ɗaya ce a rana, wato 7 a mako. Idan aka cire makonni biyu na rashin lafiya da hidindimu, shekara ta ba ta sa'o'i 350. Burinta ta koma babban kamfanin binciken kuɗi ko bankin raya ƙasashe.

Daga B2 zuwa C1 a Turanci, ƙiyasin da masu jarrabawar Cambridge ke bayarwa kimanin sa'o'i 200 ne na karatu da malami. A lissafinta wata bakwai ke nan. Faransanci daga farko zuwa B2, idan muka ɗauki 700, shekara biyu cif. Larabci, ko da mun yi mata rangwamen haruffa da kalmomin da ta sani muka sauke 2,200 zuwa 1,800, ya haura shekara biyar, kuma a ƙarshensu fusha ce kawai a hannunta. Idan ta bi Turanci sannan Faransanci, kafin ta cika 31 tana da harsuna biyu na aiki, da takardar shaida a kan kowanne. Idan ta bi Larabci kai tsaye, tana 33 ko 34 kafin ya fara biyan ta, alhali rubutun Turancinta yana nan inda ta bar shi. Idan kuma ta ce za ta haɗa Faransanci da Larabci a tare, rabin awa-rabin awa, bayan shekara biyu tana da sa'o'i 350 a kowanne: wajen B1 a Faransanci, Larabci kuwa bai wuce gaisuwa da karatun allon sanarwa ba. Ta sha wahalar shekara biyu ta koma layin “kaɗan-kaɗan”. Wannan zaɓi na ƙarshe shi ne wanda mutane suka fi yi, kuma shi ne mafi muni.

Yanzu a canja abu ɗaya kawai a labarin. A ce ta yi shekara shida a makarantar da ake koyarwa da Larabci, tana karanta littafi ba wasali. To lissafin ya juye. Abin da ya rage mata a Larabci wataƙila bai wuce abin da Faransanci zai ci ba, kuma akanta mai karanta ƙa'idojin bankin Musulunci a asalinsu ta fi akanta mai Faransanci wuyar samu. A nan zan ce mata ta gyara rubutun Turanci, sannan ta rungumi Larabcin kuɗi da kasuwanci, ta bar Faransanci sai wani jiƙon.

Akwai hanya mai arha ta gwada duk wannan kafin a kashe awa ɗaya. Ka tara tallan aiki 30 na matsayin da kake son kaiwa nan da shekara goma, ba wanda kake nema yau ba. A kowanne ka duba sashen harshe, ka raba su biyu: inda aka ce dole ne, da inda aka ce zai zama ƙarin daraja. Bambancin yana da girma. “Dole” yana nufin za a cire takardarka tun a zagayen farko idan babu shi, don haka masu gasa da kai sun ragu ƙwarai idan kana da shi. “Ƙarin daraja” kuwa sai an yi kunnen doki tsakanin mutum biyu ake tuna shi. Idan a cikin 30 ɗin harshe bai fito a matsayin dole ko sau uku ba, sana'arka ba ta biyan kuɗinsa, kuma sa'o'i 700 ɗin sun fi amfani a wata takardar ƙwarewa ta fanninka.

Sai batun riƙewa, wanda ba a sa shi a lissafin farko amma yana cin nasa rabon. Harshen da aka kai B2 aka ajiye shekara biyu ba a taɓa shi ba, baki ne yake fara tafiya, kunne ya biyo baya, karatu ne ke daɗewa. Shaidar DELF za ta ci gaba da cewa B2, amma minti biyar na farkon ganawa za su tona asiri. Don haka tun kafin ka zaɓa ka tambayi kanka inda za ka riƙa amfani da shi kowane mako: abokin ciniki, reshen kamfani a wata ƙasa, rahotannin da ake turowa ba mai karanta su. Akantar can, da zarar ta kai B1 a Faransanci, abin da ya kamace ta shi ne ta nemi a riƙa ba ta takardun reshen da ke aiki da Faransanci, ko da ba a ƙara mata ko kwabo ba, ta fara da rasit da wasiƙun neman biya, waɗanda kalmominsu ba su wuce ɗari biyu ko uku da ake ta maimaitawa ba.